Akwati Kafin Fuska: Nazarin Makunnai da Soket-Soket a Sababbin Ɗakunan Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abubuwa uku da mai sabon ɗaki ke yanke shawara a kansu: salon fuskar makunni da soket, yawan bakunan da fuska ɗaya ke ɗauka, da tsayin da ake kafa su. An kwatanta ma'aunan Faransa da na Birtaniya, waɗanda kayansu suke haɗuwa a kasuwar Maraɗi. Sakamakon ya nuna cewa akwatin da ake binnewa a bango kafin shafe shi ne yake ƙayyade sauran zaɓi, kuma soket mai karɓar kowane fulogi bai warware matsalar ba.

1.0 Gabatarwa

Wutar da kamfanin Nijelek ke rabawa gidajen Maraɗi mai ƙarfin bolt 220 ce, kuma layin da ya taso daga Katsina ta Gazawa ya daɗe yana ciyar da yankin. Kayan wuta ma ta wannan fuskar suke shigowa, ta Jibiya da Ɗan Isa. Don haka a ɗaki guda za a tarar da fanka mai fulogin ƙafa uku masu faɗi irin na Nijeriya, da cajar waya mai siraran ƙafafu biyu, da firji mai fulogin ƙafa biyu masu kauri irin na Faransa. Tambayar da wannan bincike ya sa gaba ita ce: wane mataki ne ya kamata ya zo farko domin bangon ya dace da waɗannan kaya?

2.0 Bitar Ra'ayoyi

Ra'ayi na farko shi ne na masu cewa Nijar ta gaji tsarin Faransa, saboda haka a bi ƙa'idar NF C 15-100 kawai. Ƙa'idar tana da amfani. Ta ce makunni ya zauna tsakanin santimita 90 da 130 daga daɓe, soket na amfiya 16 kada ya yi ƙasa da santimita 5, kuma ɗakin kwana ya sami soket aƙalla uku. Sai dai ba a rubuta ta don gidan da rabin kayansa daga Kano suka fito ba. Jerin nau'o'in fulogi na ƙasashen duniya ma haka ya yi: ya ba Nijar nau'in A zuwa F, ya ba Nijeriya D da G, alhali nau'in G, mai ƙafa uku masu faɗi, ya cika shagunan Maraɗi.

Ra'ayi na biyu shi ne wanda wannan maƙala ta fi ja da shi, domin shi ya fi yaɗuwa a tsakanin masu sayar da kaya. Suna cewa a sa soket mai karɓar kowane fulogi, magana ta ƙare. Hujjarsu tana da nauyi, tunda kowa ya ga yadda ake tura tsinke a ramin sama na soket ɗin Nijeriya don a buɗe marfin kariya a cusa caja. Amma suna duban ko fulogi ya shiga ne kawai, ba sa duban yadda ya zauna bayan ya shiga.

3.0 Hanyar Bincike

An kwatanta ma'aunan da ke cikin ƙa'idojin BS 1363 da BS 4662 na Birtaniya, waɗanda kayan Nijeriya ke bi, da na tsarin Faransa, sannan aka gwada su a lissafin ɗaki ɗaya. An haɗa da lura da gine-ginen bulo a sababbin unguwannin Maraɗi da ɗakunan ƙasa a Tibiri da Jiratawa.

4.0 Sakamako

4.1 Akwatin da ke cikin bango

Akwatin Faransa zagayayye ne, faɗinsa milimita 67, kuma tazarar ramukan sukurunsa milimita 60. Na Birtaniya mai kusurwa huɗu ne, fuskar da ke rufe shi milimita 86 ce kowane gefe, tazarar sukurunsa kuwa milimita 60.3. Bambancin bai kai rabin milimita ba, kuma nan ne tushen ruɗanin. Mai wayarin ya ɗora makunnin Nijeriya a kan zagayayyen akwati, ramuka suka yi daidai, sai ya ɗauka tsarin biyu ɗaya ne. A makunni mai siririn baya dabarar kan yi aiki. A soket kuwa bayan yana da kauri da kusurwoyi, sai ya tokare bakin akwatin. Abin da ke biyo baya shi ne a fasa gefen akwati da kurfi, ko a bar fuskar ta ɗago daga bango, ƙura ta riƙa shiga.

Idan aka juya lamarin, wato soket ɗin Faransa a akwati mai kusurwa, wata matsala ce daban. Da yawa daga masu araha da ƙugiyoyi biyu suke kama cikin akwati, kuma an ƙera ƙugiyoyin don zagayayyen rami. A mai kusurwa ba sa samun abin cizo. Alamar a bayyane take: ka ja fulogi, soket ya biyo hannunka da wayoyinsa. Ita kanta ƙa'idar Faransa ta hana kafa soket da ƙugiya a sabon gini.

Inda tsarin biyu suka rabu gaba ɗaya shi ne a fuska mai baki biyu. Tagwayen soket na Birtaniya fuska ɗaya ce mai tsawon milimita 146, a kan akwati ɗaya wanda sukurunsa biyu ke da tazarar milimita 120.6. A tsarin Faransa kuwa kowane baki da nasa gurbin, kuma daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan milimita 71 ne cif. Babu dabarar da za ta haɗa waɗannan lambobi. Ko a cikin tsarin Faransa kaɗai, idan magini ya binne akwatuna biyu daban-daban da ƙiyasin ido suka tashi da tazarar milimita 80, fuskar tagwaye ba za ta hau ba, guda-guda biyu kuma za su iya gogar juna. Maganin shi ne a sayi akwati mai gurbi biyu a haɗe.

Ƙidayar makunnai ma ta bambanta. Ɗaki na yau da kullum yana buƙatar makunnin ƙwan ɗaki, na fanka, da na fitilar ƙofa. Fuskar Birtaniya mai milimita 86 tana ɗaukar ukun a akwati ɗaya. Gurbin Faransa galibi makunni biyu yake ɗauka, don haka uku na buƙatar gurbi biyu. Wanda ya binne zagayayyen akwati ɗaya a bakin ƙofa, ya ja wayoyi uku zuwa cikinsa, ya riga ya tilasta wa kansa fuskar Nijeriya tun kafin ya je kasuwa. Zurfi ma abin lura ne: a tsarin Birtaniya milimita 25 shi ne ƙaramin abin da soket ke so, 35 ya fi ba waya sarari, na Faransa kuwa yawanci 40 ne.

4.2 Soket mai karɓar kowa

Tazarar ƙafafun fulogin Faransa milimita 19 ce, ta Birtaniya kusan 22. Ramin da zai karɓi duka biyun dole ya yi faɗi, ƙarfen ciki kuma ya taɓa kowace ƙafa a ɗan ƙaramin wuri. A cajar waya wannan ba ya nuna komai. A dutsen guga mai wat 2,000, wanda ke jan amfiya 9 a bolt 220, wurin taɓawar yana zafi, ƙarfen ya saki, zafin ya ƙaru. Ana gane shi da baƙin tabo a bakin rami da ƙaurin roba.

Akwai abin da ya fi wannan. Fulogin Faransa yana samun wayar ƙasa ne daga sandar da ke fitowa daga jikin soket. Soket mai karɓar kowa ba shi da wannan sanda, don haka firjin zai yi aiki amma jikinsa ba shi da kariya.

4.3 Tsayi, da misalin ɗaki ɗaya

A ɗauki ɗakin bulo mai mita 4 a kan 4 a unguwar Ali Ɗan Sofo. Mai wayarin yakan zo kafin a yi daɓe, ya auna santimita 30 daga ƙasar da yake tsaye a kai. Idan yashi da siminti da tayil suka ci santimita 8, soket ya koma 22. Makunnin da aka auna 120 ya koma 112, wannan ba laifi. Amma soket a 22 yana daidai da kaurin katifar da aka jingina da bango, da fantsamar ruwan wanke daɓe, da hannun yaro mai rarrafe. Gyaran mai sauƙi ne: a tsayar da inda daɓe zai ƙare, a ja layi a kewayen bango mita ɗaya daga nan da tiyon ruwa, kowane awo ya tashi daga layin.

A wannan ɗaki, makunnai uku a santimita 110, ta gefen mariƙin ƙofa don kada ƙyaure ya rufe su. Soket na gama-gari a 45, wanda ya yi daidai da ƙaramin tsayin da dokar ginin Ingila ta sa wa sababbin gidaje, kuma bai saɓa wa ƙa'idar Faransa ba. Na gefen gado a 60. Masu son a ɗaga duk soket zuwa 120 saboda yara sun manta cewa igiyar caja galibi mita ɗaya ce, sai wayar ta riƙa lilo tana sassauta ramin. Kariyar yaro marfin cikin soket ce. A kowane wurin soket a sa baki biyu, ɗaya na Faransa, ɗaya na Birtaniya, kowanne a akwatinsa, da ɗan sarari a tsakani.

A ɗakunan ƙasa na Tibiri da Jiratawa, inda ake kafa kaya a bisa bango kan ɗan katako, matsalar akwati ba ta taso ba, domin ana iya sauyawa ba tare da fasa komai ba. Damuwar can laimar gindin bango ce da damina, shi ya sa soket a tsayin makunni ya fi dacewa, a haɗa da 'yar kanta ta ajiye waya.

5.0 Iyakokin Bincike

Ba a auna zafin soket da na'ura ba, kuma ba a ƙidaya gidaje ba. Kayan da ke kasuwa ba duka ne suke bin ma'aunin da aka buga a jikinsu ba. Ba a taɓa banɗaki da madafa ba, tunda dokokinsu daban ne. Waɗannan ba su sauya tazarar sukuru ba, wadda kowa zai iya aunawa da awon tela.

6.0 Kammalawa

Tsarin da ya dace shi ne a fara da lissafa fulogin kayan da za su zauna a ɗakin, a sayi fuskoki tare da akwatunansu a rana ɗaya, a ja layin mita, sannan a fasa bango. Soket mai karɓar kowa a bar shi wa caja da rediyo. Ana kira ga cibiyoyin koyon sana'a na jihar Maraɗi da su koyar da tsarin biyu gefe da gefe, kuma mai gida kada ya yarda a yi shafe sai ya ga an gwada kowace fuska a kan akwatinta.