Kalmar da ke Bisa Kibiya: Taswirar Ma'anoni a Koyar da Tarihin Jihadin 1804

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake zana taswirar ma'anoni a darasin tarihi, da misalin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Matsayarta ita ce ingancin taswira yana rataye ne ga kalmar da aka rubuta bisa kowace kibiya.

Gabatarwa

Joseph Novak ne ya ƙirƙiro wannan dabara a Jami'ar Cornell a 1972, bisa ra'in David Ausubel cewa sabon ilimi yana kama zama ne idan ya sami tsohon da zai jingina da shi. Ana rubuta kowace ma'ana cikin akwati, a haɗa akwati biyu da kibiya, a ɗora mata kalmar da za ta mai da su jimla guda.

Zana taswirar

Ana farawa da tambaya ɗaya: me ya mai da wa'azin Ɗagel yaƙi? Ita ce matankaɗi. Haihuwar Shehu a Maratta a 1754 gaskiya ce, amma ba ta amsa tambayar, don haka ba ta shiga.

A sama sai musabbabai: bunƙasar Jama'ar Shehu, dokokin Sarkin Gobir Nafata da suka hana rawani da lulluɓi, da harin Gimbana a zamanin Yunfa. A tsakiya, hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, nasarar Tabkin Kwatto a Yunin shekarar, da faɗuwar Alƙalawa a 1808. A ƙasa, kafa Sakkwato a 1809 da komawar sarautar Haɓen Katsina Maraɗi.

A wajen rubuta kalmar kibiya ne ɗalibi kan yi tuntuɓe. Yakan ja kibiya daga Tabkin Kwatto zuwa Alƙalawa, ya rubuta “sannan”. Wannan jerin lokaci ne kawai. In ya gyara zuwa “ta haddasa”, sai a karanta jimlar da ƙarfi, a ji ko ta tsaya. Ba ta tsayawa, domin tsakanin biyun akwai shekara huɗu, akwai kuma Tsuntsuwa, inda Jama'a suka yi mummunar asara a ƙarshen 1804. Abin da hujja za ta ɗauka shi ne nasarar “ta jawo” sababbin magoya baya, kuma wannan sabon akwati ne da dole a ƙara.

Harajin jangali ya fi wuyar sha'ani. Kitab al-Farq ya lissafa shi cikin zaluncin sarakuna, amma littafin ya fito ne daga ɓangare ɗaya na rikicin. A ganinmu, kibiyarsa ta zama mai ɗigo-ɗigo, a rubuta mata “a cewar masu jihadi, ya tunzura”, har sai ɗalibi ya kawo wata majiyar da ta goyi bayan haka.