Ƙwayar laktas

Ƙwayar laktas magani ne da masu matsalar narkar da sukarin madara ke sha tare da abinci. Tana ɗauke da laktas, wani sinadarin enzayim da ke narkar da sukarin madara, wato laktos. Ana samun ta a matsayin ƙwayar haɗiya, ko ta taunawa, ko ruwan da ake ɗigawa a cikin madara.

Asalin matsalar

Laktos ya ƙunshi ƙananan sukari guda biyu a manne da juna, gulukos da galaktos. Hanji ba ya iya tsotse su zuwa cikin jini sai an raba su, kuma wannan shi ne aikin laktas ɗin da bangon ƙaramin hanji ke samarwa. Kusan kowane jariri yana da wadataccen laktas, amma bayan yaye yakan riƙa raguwa a jikin kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen duniya. Al'ummomin da suka daɗe da kiwo, kamar Fulani da mutanen arewacin Turai, da yawansu suna riƙe da shi har tsufa.

Idan laktas ya yi ƙaranci, sukarin yakan wuce zuwa babban hanji ba tare da ya narke ba. A can yana janyo ruwa zuwa cikin hanji, ƙwayoyin bakteriya kuma su cinye shi su fitar da iska. Wannan ne ke kawo kumburin ciki, da ƙugi, da tusa, da gudawa, yawanci tsakanin minti 30 zuwa awa 2 bayan shan madara.

Yadda take aiki

Laktas yana amfani da ruwa ya tsinke mahaɗar da ke tsakanin sukarin biyu:

C12H22O11 + H2O → C6H12O6 + C6H12O6

Yawancin laktas ɗin da ke cikin ƙwayoyin ana samo shi ne daga funfuna, musamman wadda Japanawa ke kira koji. An zaɓe shi ne saboda ya fi aiki a wuri mai ɗan tsami, a ma'aunin pH na 4 zuwa 5. Cikin da babu abinci ya fi haka tsami ƙwarai, kuma tsamin yana lalata sinadarin. Da abinci ya shiga, tsamin yakan ragu na ɗan lokaci, sai ƙwayar ta narke ta gauraya da madarar, ta fara raba sukarin tun a tumbi. Shi ya sa ake shan ta tare da kurɓin farko. Idan an riga an sha ta da daɗewa, ruwan ciki zai lalata ta. Idan kuma an jira sai ciki ya fara ƙugi, sukarin ya riga ya yi gaba.

Misali

Kofin madarar shanu mai cin mililita 250 yana da laktos kimanin giram 12. Idan aka raba shi duka, ana samun kimanin giram 6 na gulukos da giram 6 na galaktos, waɗanda ƙaramin hanji ke tsotsewa cikin sauƙi. Ana auna ƙarfin ƙwayar da ma'aunin FCC da ke rubuce a jikin kwali, kuma waɗanda aka fi sayarwa su ne masu 3,000 da masu 9,000. Ga kofi ɗaya, masu haɗa maganin kan ba da shawarar babba ɗaya ko ƙanana har uku. Idan mutum ya ci gaba da shan madara bayan minti 30 zuwa 45, sai ya ƙara wata, domin ta farko ta gama aiki. Ba dole ba ne sukarin ya narke gaba ɗaya. Ya isa a rage shi zuwa adadin da hanjin mutum ke iya ɗauka.

Ruwan ɗigawa kuma a wajen jiki yake aiki. Ana zuba shi a madara a ajiye a firiji awa 24. Madarar takan ƙara zaƙi, saboda gulukos da galaktos sun fi laktos zaƙi.

Iyakarta

Ƙwayar ba ta warkar da matsalar, kuma ba ta sa hanji ya koma samar da laktas. Jiki yana narkar da ita kamar kowane furotin, don haka sai an sake sha a kowane cin abinci. Tasirinta ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma ajiye ta a wuri mai zafi ko laima yana rage mata ƙarfi.

Ba ta da amfani ga wanda jikinsa ke ƙin furotin ɗin madara, wanda kan zo da ƙuraje, ko kumburin leɓe, ko sarƙewar numfashi. Haka kuma ba ta dace da masu ciwon galaktosimiya ba, waɗanda jikinsu ba ya iya sarrafa galaktos. Idan alamun ba su ragu ba duk da an sha ta a kan lokaci, likita kan tabbatar da matsalar ta gwajin numfashi, inda ake auna iskar haidurojin bayan an ba mutum laktos ya sha.