Kala, Iri da Lamba: Sunayen da Zane Ɗaya ke Amsawa

"A yi mini kala uku in zaɓa." Haka yawancin masu kawo aikin zane ke faɗa, ko sitikar robar zoɓo suke so, ko katin biki, ko allon shago. Kalmar kala tana da fuska biyu a bakin Bahaushe. Wani lokaci launi take nufi, wani lokaci kuma nau'i, kamar a ce abinci kala-kala. Mai zane da bai tsaya ya tambaya ba, zai iya kai wa Hajiya zane ɗaya cikin launi uku alhali zane uku mabambanta take jira. A da, irin wannan rashin fahimta kan ci yini guda. Tun da manhajojin da ke fitar da hoto daga rubutu suka bazu a 2022, shekarar da Midjourney da Stable Diffusion suka isa hannun jama'a, sai wahalar ta sauya wuri. Yin hotuna ashirin ya zama aikin 'yan mintoci. Abin da ke ba da wuya yanzu shi ne a gane wanne aka zaɓa, a kuma san abin da ya haife shi.

A ganina kowane hoto a cikin wannan aiki yana da suna uku. Akwai wanda kwastoma ke kiransa da shi, akwai wanda yake ɗauke da shi a cikin kwamfuta, akwai kuma wanda na'urar ta san shi da shi. Rajistar mai zane ba ta da wani aiki da ya wuce ɗaure ukun nan wuri guda.

Bari mu fara da na na'ura, domin shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Akwatin da ake rubutu a ciki `Prompt` yake amsawa a kan allo, mu kuma mukan ce umarni. Kalmar ta zauna a baki, amma tana sa mutum ya ɗauka cewa abin da ya rubuta shi kaɗai ke yanke hukunci. Ba haka ba ne. Rubuta umarni ɗaya sau goma, za ka samu hotuna goma da ba su zama ɗaya ba. Dalili kuwa, na'urar ba ta farawa da farar takarda. Tana farawa da ɗige-ɗige barkatai, irin na talabijin da ba ta kama tasha ba, sai ta riƙa share su mataki bayan mataki har siffar da rubutun ya kwatanta ta fito. Tsarin waɗannan ɗige-ɗigen na farko wata lamba ce ke tsayar da shi, wadda ake kira `Seed`. A Midjourney lambar na iya zama komai daga 0 zuwa 4294967295.

Idan aka mai da wannan suna Hausa, iri ke nan, irin shuka. Sunan ya dace fiye da yadda ake zato: irin gero ɗaya, in aka shuka shi a jigawa da fadama, ba amfani ɗaya za a girbe ba. Haka lambar take. Tana mayar da hoto yadda yake ne kawai in sauran abubuwa ba su motsa ba, wato rubutun, da girman hoton, da yawan matakai, da ainihin samfurin na'urar da aka yi aiki da shi. Sai dai iri ma, kamar kala, yana nufin nau'i. Mai zane da ya ce wa yaronsa "canza iri" bai faɗi komai ba tukuna. Shi ya sa na fi son a ce lambar iri, a bar iri kaɗai ga maganar yau da kullum.

Mu ɗauki aikin wata Hajiya mai zoɓo daga farkonsa. Tana son hoton da za a buga a sitika, ta kuma bayyana cewa tana son ganin launin bango daban-daban, da tsarin zane daban-daban. Mai zanen yana aiki da Stable Diffusion ta manhajar AUTOMATIC1111. Hoton farko da ya gamsar da shi, manhajar ta rubuta cikakken sunansa a cikin fayil ɗin kansa, kamar haka:

```
label art, calabash bowl of hibiscus drink, cream background
Negative prompt: text, letters
Steps: 25, Sampler: Euler a, CFG scale: 7, Seed: 4127, Size: 768x512, Model: v1-5-pruned-emaonly
```

Layi na biyu yana hana na'urar saka rubutu, domin sunan kaya da lambar waya daga baya ake ɗora su a CorelDRAW ko makamancinsa. Waɗannan na'urori sun saba lalata haruffa, balle masu lanƙwasa irin ɓ ɗin zoɓo. Duk abin da ke cikin layukan nan shi ne sunan hoton a wurin na'ura. Umarni layi ɗaya ne kawai a ciki.

Yanzu ga kala ukun. A cikin manhajar akwai wani sashe mai suna `X/Y/Z plot`, wanda ke jera hotuna gida-gida. A layin kwance mai zanen ya zaɓi `Prompt S/R`, wanda ke neman kalma a cikin umarni ya musanya ta, ya rubuta masa `cream, deep green, indigo`. A layin tsaye ya zaɓi lambar iri, ya ba da 4127, 4128 da 4129. Hotuna tara suka fito a allo ɗaya. Duk wanda ya bi layi a kwance zai ga ƙwarya kusan a wuri guda, bango ne ke sauyawa daga ruwan madara zuwa kore zuwa shuɗin baba. Wanda ya sauka ƙasa kuma zai ga launi ɗaya amma tsarin ya sauya, a nan ƙwaryar tana tsakiya, a can ta koma gefe. Na ce kusan ne da gangan, domin sauya kalma ɗaya ma kan ɗan taɓa sauran hoton. Amma a dunƙule, ma'anonin kala guda biyu sun rabu, kowace ta kama hanyarta, kuma Hajiya za ta iya cewa tsarin nan take so da launin can.

Akwai wani bambanci na uku da shi ma ake kira da suna ɗaya, kuma shi ya fi ɓatar da sawu. Wato a ɗauki hoton da aka riga aka yi, a ce a fitar da 'yan'uwansa. A Midjourney, inda kowane umarni ke ba da hotuna huɗu, maɓallan `V1` zuwa `V4` ne suka shahara da wannan aiki. A AUTOMATIC1111 kuma `Variation seed` da `Variation strength` ne: lamba ta biyu da ake gaurayawa da ta farko, da kuma ma'aunin gaurayawar daga 0 zuwa 1. In aka sa 0.1, ƙwaryar na nan inda take, ganyen zoɓon da ke gefenta ne zai ɗan sauya kwanciya. Irin wannan hoto yana da uwa. Rubuta umarninsa kaɗai ba zai dawo da shi ba, sai an rubuta daga wane hoto ya fito.

Suna na biyu, na fayil, manhajar kan ba da shi da kanta, lambar jeri haɗe da lambar iri, kamar `00012-4128.png`. Wannan ya wadatar muddin hoton na cikin kwamfutar mai zane. Matsalar tana farawa ne a WhatsApp, inda kusan duk cinikin yake gudana. Hoton da aka tura a matsayin hoto, manhajar kan matse shi, ta cire bayanan da ke ɓoye a cikinsa, ta kuma raɗa masa sabon suna irin `IMG-20240312-WA0007.jpg`. Idan Hajiya ta dawo da shi ta ce "wannan", mai zanen ya jefa shi a sashen `PNG Info` don ya karanta asalinsa, ba zai ga komai ba. Turawa a matsayin `Document` tana kiyaye fayil ɗin yadda yake, amma ba kowace kwastoma ce za ta dawo da shi ta wannan hanya ba. Wata ma hoton allon wayarta za ta ɗauka ta turo.

Saboda haka suna na uku, na kwastoma, bai kamata a bar mata ta ƙirƙiro shi ba. In aka bari, abin da za a ji shi ne "na biyun nan" ko "mai koren nan", alhali masu kore uku ne, kuma jerin da hotuna suka isa wayarta ba lallai ya zama jerin da aka tura su ba. Maganin shi ne a buga gajeren suna a kusurwar hoton kansa, babba, yadda matsewa ko ɗaukar hoton allo ba za su goge shi ba. Harafi ya tsaya wa tsari, lamba ta tsaya wa launi: A, B, C ga lambobin iri uku, 1, 2, 3 ga launuka. Mai zoɓo ta turo saƙon murya ta ce, "Malam, B2 nake so, amma a ƙara wa ƙwaryar girma." Kowa ya san hoton da ake magana a kai: lambar iri 4128, koren bango.

Fayil ɗin sai ya ɗauki sunan nan shi ma, `zobo_z1_B2_s4128.png`, inda `z1` ke nufin zagaye na ɗaya. 'Ya'yan da za a fitar daga gare shi a zagaye na biyu su zama B2a, B2b, B2c, ta yadda sunan kowanne na ɗauke da na uwarsa. Ita kuwa rajistar, ko a Excel take ko a littafin rubutu, layi ɗaya ne ga kowane hoton da aka tura: sunan kusurwa, sunan fayil, cikakken bayanin na'ura da aka kwafo ba tare da an gyara ko waƙafi ba, sunan uwa, da abin da kwastoma ta ce da bakinta. Waɗanda ba a tura ba, ba sa buƙatar layi.

Kurakurai biyu ne suka fi shiga rajista, kuma duka a lambar iri suke. Na farko, a rubuta `-1`. Wannan shi ne abin da ke cikin akwatin tun asali, kuma ma'anarsa ita ce na'ura ta zaɓi lamba da kanta. Ainihin lambar da ta zaɓa tana cikin bayanin da ke fitowa bayan an gama hoton. Na biyu, a fitar da hotuna huɗu a tashi ɗaya a ba su duka lamba guda, alhali manhajar tana ƙara ɗaya ga kowanne: in na farko 4127 ne, na uku 4129 ne.

Gwajin rajista mai sauƙi ne, kuma kafin a tura ake yin sa. A kwafi layin B2, a mayar wa na'ura, a ga ko B2 zai fito. Idan ƙwaryar ta koma wani wuri gaba ɗaya, a duba lambar iri ko girman hoton, domin sauya 768x512 zuwa wani girma yana sauya ɗige-ɗigen farko. Idan tsarin na nan amma ƙananan abubuwa sun bambanta, a duba yawan matakai da `CFG scale`. Idan kuwa salon zanen ne baki ɗaya ya sauya, to samfurin na'urar ne ba ɗaya ba.

Wasu manhajojin ba sa nuna lambar iri sam, wasu kuma, irin DALL·E 3, sukan sake tsara umarnin kafin su zana. A irin waɗannan babu layin da zai dawo da hoto daidai yadda yake. Abin da mai zane ke da shi kawai shi ne fayil na asali, don haka ya sauke shi da cikakken girmansa, ya ba shi sunan kusurwarsa nan take, kuma duk gyaran da Hajiya ta nema a yi shi a kan wannan fayil ɗin.