Yadda ake daidaita launin hotunan biki a Lightroom

A bikin aure a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal ta Jihar Sakkwato, atamfar anko iri ɗaya kan fito da launi uku a hotuna. Laifin ba na kyamara ba ne, haske ne ke sauyawa: hasken rana a wurin ɗaurin aure, inuwar rumfa mai launi, da hasken ƙwan lantarki a ɗakin amarya. Manhajar Lightroom, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 2007, tana gyara wannan, muddin an raba hotunan bisa hasken da aka ɗauke su a ciki.

A ce mai hoto ya ɗauki hotuna 300: guda 120 a fili, 110 ƙarƙashin koriyar rumfa, 70 a ɗaki. Daga kowane rukuni zai zaɓi hoto ɗaya ya buɗe a sashen Develop na Lightroom Classic. Ma'aunin Temp shi ke daidaita ɗumin launi. A hotunan RAW, hasken rana yana kusa da 5500, ƙwan lantarki mai jan haske kuwa kusa da 3000. Koren da rumfa ta zuba wa fuskoki kuma ana rage shi ne da matsar da ma'aunin Tint zuwa dama.

Ana iya danna W a taɓa wani abu fari domin manhajar ta auna da kanta, amma akwai tarko. Farar shadda da aka wanke da bula tana da ɗan shuɗi, don haka manhajar za ta rama da ruwan ɗorawa, fuskoki su ɗashe. Farar takarda da aka ɗauka a wurin ta fi aminci.

Idan hoton ya daidaita, sai a zaɓi sauran rukuninsa, a danna Sync, a sa alama a kan White Balance da sauran gyaran launi, a cire ta daga Crop da Exposure. Kwafe yankan hoto ɗaya kan datse kawunan mutane, kuma yawan haske ya bambanta daga hoto zuwa hoto. Umarnin Match Total Exposures ne ke daidaita shi. Haka kuma, idan an bar White Balance a As Shot, kowane hoto zai riƙe ma'auninsa na asali, launi ba zai zo ɗaya ba.

A ƙarshe ana jera hoto ɗaya daga kowane rukuni a kwatanta launin ankon da na fata. Hoton da rabinsa rana, rabinsa inuwa, shi kam sai an gyara shi shi kaɗai.