Dalilin da ya sa tagwaye masu kama ɗaya kan bambanta a tsawo idan sun tashi a yanayi daban-daban

Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai biyu daban, kamanninsu bai wuce na wa da ƙani ba. Akwai kuma masu kama ɗaya, waɗanda asalinsu ƙwai ɗaya ne da ya rabu biyu a kwanakin farko na shigar ciki. Su waɗannan na biyu kusan duk ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, shi ya sa ake zaton tsawonsu ma zai zo daidai. Sai dai idan aka auna su bayan sun girma, akan sami ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da santimita ɗaya, biyu ko uku, kuma tazarar takan ƙaru idan ba yanayi ɗaya suka tashi a ciki ba.

Dalilin a taƙaice shi ne, abin da mutum yake gāda shi ne iyakar da jikinsa zai iya kaiwa. Kaiwa ga wannan iyaka kuwa aiki ne na kusan shekara ashirin, kuma abin da aka rasa a wasu matakai na wannan tafiya ba ya dawowa duka.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1979 masanin halayyar ɗan'adam Thomas Bouchard ya fara wani nazari a Jami'ar Minnesota ta Amurka a kan tagwayen da aka raba tun suna jarirai, suka tashi a gidaje daban-daban. A sakamakon da aka wallafa a 1990, an yi amfani da ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar daidaito. Tsawon tagwaye masu kama ɗaya da suka tashi tare ya ba da 0.93, na waɗanda aka raba kuwa ya ba da 0.86. Wato har waɗanda suka tashi gida ɗaya ba su kai ga cikakkiyar daidaito ba, rabuwa kuma ta ƙara tazarar, amma kaɗan.

Akan ce gado ne ke da kimanin kashi 80 cikin ɗari na bambancin tsawo. Wannan adadi bayani ne a kan bambancin da ke tsakanin mutane a cikin al'umma ɗaya, kuma galibi an samo shi ne daga ƙasashen da abinci ya wadata. Ba yana nufin kashi 80 na tsawon mutum guda daga iyayensa ya zo ba. A inda wasu yara ke ƙoshi wasu na kwana da yunwa, rabon da yanayin rayuwa ke ɗauka yakan fi haka girma.

Yadda ƙashi ke tsawo

Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro, kamar na cinya da na ƙwauri, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. Ƙwayoyin wannan faifai suna hayayyafa, su kumbura, sannan a hankali ƙashi ya maye gurbinsu. Ta haka ƙashi ke ƙara tsawo. Umarnin wannan aiki yana fitowa ne daga wani ƙaramin sashe da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda ke sakin sinadarin girma. Shi kuma ya sa hanta ta saki wani sinadari na biyu da ke zaburar da faifan.

A nan ne yanayin rayuwa ke shigowa. Idan abinci ya yi ƙaranci, musamman mai gina jiki, ko kuma jiki na fama da ciwo, hanta takan rage sakin wannan sinadari na biyu. Jiki yakan fifita rayuwa da yaƙi da cuta a kan ƙarin tsawo, sai aikin faifan ya lafa. Bayan balaga kuma sinadaran balaga kan sa faifan ya rikiɗe ya zama ƙashi baki ɗaya, a wajen 'yan mata kusan shekara 14 zuwa 16, a wajen samari kusan 16 zuwa 18 ko ɗan sama da haka. Daga ranar da ya rufe, babu abinci ko magani da zai ƙara wa wannan ƙashi tsawo.

Saurin girman ma ba ɗaya ba ne a duk shekaru. Jariri yakan zo duniya da kimanin santimita 50. A shekarar farko ya ƙara kusan 25, a ta biyu kusan 12, daga nan ya sauka zuwa 5 ko 6 a shekara har zuwa zaburar balaga. Saboda haka wata uku na rashin lafiya a shekarar farko sun fi wata uku a shekara ta takwas tsada nesa ba kusa ba.

Bambancin kan fara tun a ciki

Kafin a kai ga maganar gidan da kowanne ya tashi, tagwaye kan rayu a yanayi daban tun suna cikin mahaifa. Idan ƙwan ya rabu a cikin kwana uku na farko, kowane ɗan tayi yakan sami mabiyiyarsa. Idan rabuwar ta ɗan yi jinkiri, sai su yi tarayya a mabiyiya ɗaya, kuma haka lamarin yake ga kusan biyu cikin uku na tagwaye masu kama ɗaya.

Mabiyiyar tarayya ba kasafai take rabuwa daidai ba. Igiyar cibiyar ɗaya tana iya kamawa a tsakiya, inda hanyoyin jini suka wadata, ta ɗayan kuma ta kama a gefe. Wanda rabonsa ya yi kaɗan sai ya sami ƙarancin abinci da iska, a haife shi ƙarami. Nazarce-nazarcen da suka bi tagwaye har girmansu sun nuna cewa wanda ya fi nauyi ranar haihuwa shi ne galibi ke ɗan fin tsawo daga baya. Wannan ne ke bayyana dalilin da har tagwayen da suka ci tuwo a kwano ɗaya ba sa yin daidai cif.

Misalin lissafi

A ƙasar Hausa, inda al'adar riƙo ta zama ruwan dare, ba abin mamaki ba ne 'yan'uwa su tashi a gidaje biyu. A ƙaddara wasu tagwaye, Hassan da Hussaini, an haife su da tsawo kusan ɗaya, santimita 47 kowanne, suka kai 72 a ƙarshen shekarar farko. Sai wani dalili ya sa aka kai Hussaini riƙo wani gida da ruwan shansu ba shi da tsabta, abincin yara kuma bai wuce koko da tuwo ba. Hassan ya zauna inda ake samun madara, ƙwai da wake, an kuma kammala masa allurar riga-kafi.

A shekara ta biyu Hassan ya ƙara santimita 12, ya kai 84. Hussaini ya yi ƙyanda, gudawa ta yi ta dawo masa, sai ya ƙara 8 kawai, ya tsaya a 80. An sami giɓin santimita 4. Gudawa mai yawan dawowa ɓarnarta biyu ce: tana hana yaro cin abinci, tana kuma lalata fatar cikin hanji ta yadda ɗan abin da ya ci ma ba ya shiga jiki sosai.

Idan yanayin Hussaini ya gyaru yana ɗan shekara uku, jikinsa zai yi abin da likitocin yara ke kira girman ramuwa: na ɗan lokaci zai riƙa tsawo fiye da sa'o'insa, kamar mai ƙoƙarin komawa kan hanyar da gadonsa ya shata masa. Wataƙila ya rama santimita ɗaya da rabi. Yaron da ya sha wahala kuma yakan yi jinkirin balaga, abin da ke bar masa faifan a buɗe na ƙarin lokaci, ya sake cin ribar rabin santimita ko ɗaya. A ƙarshe Hassan ya tsaya a 172, Hussaini a 170. Alƙaluman na misali ne, amma tsarin haka yake: asara da wuri, ramuwa daga baya, da ɗan saura da bai biyu ba.

Wannan ramuwa ita ce dalilin da ya sa tazarar ke zama ƙarama. Iyakarta kuwa ita ce, idan wahalar ta fara da wuri, ta yi tsanani, ta kuma daɗe, ramuwar ba ta cika, tazarar sai ta faɗaɗa. Shi ya sa masana abinci ke ba kwanaki dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, matsayi na musamman. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu ya gaza na shekarunsu sosai, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Abin da ya sami Hussaini a misalin nan shi ke samun waɗannan yara, bambancin kawai ba su da ɗan tagwayen da za a gwada su da shi a ga abin da suka rasa.

Yadda ake gane tushen bambancin

Mataki na farko shi ne tabbatar da awon. Tsawon mutum yakan ragu da santimita ɗaya zuwa biyu tsakanin safe da dare, domin nauyin jiki na matse guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya. Ɗan sama jannatin Amurka Scott Kelly ya dawo duniya a 2016, bayan kwana 340 a tashar sararin samaniya, ya ƙara 'yan santimita a kan tsawonsa na da, saboda babu nauyin da ke danne bayansa a can. Cikin 'yan kwanaki ƙarin ya gushe, ya koma yadda yake a gefen ɗan tagwayensa Mark. Don haka sai an auna tagwaye lokaci ɗaya, ba takalmi, da ma'auni ɗaya, kafin a ce akwai bambanci.

Mataki na biyu shi ne a auna su a zaune, daga mazauni zuwa tsakar ka, a cire wannan daga cikakken tsawo don a sami tsawon ƙafa. Ƙafafu ne suka fi saurin girma a shekarun ƙuruciya, su ne kuma wahalar wannan lokaci ta fi taɓawa. Idan a zaune sun yi daidai amma a tsaye sun bambanta, alama ce cewa tushen yana cikin shekarun farko.

Idan har yanzu yara ne, katin awo na asibiti yakan nuna watan da layin ɗaya ya fara karkata daga na ɗan'uwansa. Hoton ƙashin hannun hagu kuma yana nuna ko faifan girma na nan a buɗe, da kuma ko ƙashin yaron ya yi jinkiri a kan shekarunsa.

Bambancin santimita ɗaya zuwa uku tsakanin manyan tagwaye abu ne da aka saba gani. Amma idan yaro ɗaya yana ƙara ƙasa da santimita 4 a shekara kafin balaga, ko kuma tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa tana ƙaruwa shekara bayan shekara alhali abincinsu ɗaya, wannan ya wuce bambancin da aka saba. Ciwon ƙoda, ciwon zuciya, cutar hanji ko ƙarancin sinadarin maƙoshi na iya kama ɗaya su bar ɗaya, kuma galibinsu ana iya yi musu magani. Amfanin maganin ga tsawo yana nan ne muddin faifan girma bai rufe ba.