Warin baki da ba ya jin buroshi: wurare uku da ya kamata a duba

A ɗakin duba haƙori inda nake aiki, kusan duk wanda ya zo da kukan warin baki maganarsa ɗaya ce: "Wallahi ina goge baki safe da dare, ga asuwaki, amma abin ya ƙi tafiya. Ko daga ciki ne?" Mutanenmu sun fi ɗora wa olsa laifi. To, gaskiyar magana, cikin mutum goma masu wannan matsala, takwas zuwa tara a cikin bakin warin yake tasowa, ba a ciki ba. Hanyar da abinci ke bi zuwa ciki a rufe take zama, sai in za a haɗiye abu ko a yi gyatsa.

Ƙwayoyin cuta ne ke kawo warin, irin waɗanda ba sa son iska. Suna cin ragowar abinci, da matattun ƙwayoyin fatar baki, da majina, da jini, su fitar da iska mai sinadarin salfa, wadda warinta ke kama da na ruɓaɓɓen ƙwai. Tunda ba sa son iska, lungu suke nema su ɓuya. Buroshi kuwa fuskar haƙori yake gogewa, wurin da ya fi ko'ina shan iska. Shi ya sa mutum zai goge har sau uku a yini, warin na nan.

Lungu na farko, kuma mafi girma, shi ne can ƙarshen harshe ta wajen maƙogwaro. Saman harshe ba sumul yake ba, kamar tawul yake, tsiro-tsiro ne da ramuka. Gaban harshe yana gogar haƙora da ganɗa duk lokacin da ake magana ko tauna, don haka yana wanke kansa. Bayan kuwa ba abin da ke taɓa shi, sai wani farin datti ko mai ruwan ɗorawa ya kwanta a kai. Mai yawan mura, wanda majina ke gangarowa ta bayan hancinsa, nasa ya fi kauri.

Gwajin ba wuya. Ka samu cokali mai tsabta, ka kife shi, ka kankaro bayan harshenka a hankali, ka bar abin ya ɗan sha iska, sannan ka shinshina. Abin da ka ji, shi mutane ke ji. Hura iska a tafin hannu da ake yi ba ya nuna komai, domin hanci ya riga ya saba da warin mai shi. Idan harshen ne, ana sayar da abin kankare harshe a manyan kemis, in babu cokalin ma ya isa. A fara daga baya a jawo gaba, kamar sau huɗu ko biyar, ana ɗauraye shi a tsakani, sau ɗaya a rana. Ban da dannewa da ƙarfi, in ka ga jini ka wuce gona da iri. Yunƙurin amai da ake ji a farko yana raguwa bayan 'yan kwanaki.

Lungu na biyu shi ne ya fi damuna, domin shi ba wari kaɗai yake kawowa ba, haƙori yake cirewa. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan rami. A lafiyayyen baki zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Idan dattin gindin haƙori ya daɗe ba a cire ba, sai ya daskare ya zama kamar dutse, dasashi ya kumbura ya fara rabuwa da haƙori, ramin ya zurfafa. Da ya kai milimita 4 zuwa sama, buroshi ba ya kai wa ƙasansa, asuwaki ma haka. Gawayi da gishiri da wasu ke dirzawa ba sa fasa wannan dutse, sai dai su cinye fatar haƙorin.

Alamominsa: jini in ana goge baki ko an gatsi rake, dasashi ja ya kumbura, haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, daga baya su fara girgiɗi. Yawanci ba ya ciwo, abin da ke yaudarar mutane ke nan. Mai shan taba kuma jinin ma ba ya cika fitowa, saboda taba na tsuke jijiyoyin jini, sai cutar ta ci ƙarfinsa bai sani ba. Ka sa zaren sakace tsakanin turamen baya, ka ciro ka shinshina. In ya fito da wari ko jini, a nan matsalar take.

Na uku shi ne bushewar baki. Yawu shi ne ruwan wankin baki na asali, jiki na fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kullum. Da dare yana raguwa ƙwarai, shi ya sa kowa ke tashi da ɗan wari da safe, haka ma mai azumi da yamma. Wannan ba cuta ba ce. Abin dubawa shi ne bakin da ke bushe yini guda: na mai barci baki buɗe saboda toshewar hanci, mai shan taba, mai ciwon sukari da bai daidaita ba, da mai shan wasu magunguna irin su Firiton na mura da maganin hawan jini mai sa yawan fitsari.

Sau da yawa ukun haɗuwa suke yi. Wani mai sayar da albasa a kasuwar Mayil 12 ta Legas, zai kai shekara 45, ya zo mana bayan ya daɗe yana shan maganin olsa ba tare da an gwada shi ba. Matarsa ce ta yi ƙarfin halin gaya masa. Da asuba yake fita, kuma da gangan yake ƙin shan ruwa don kada fitsari ya riƙa tashinsa daga kan kaya, ga shi yana kan maganin hawan jini mai sa fitsari. Goro da minti ne abin sawarsa a baki har la'asar. Da aka auna, ramukan turamensa na baya sun kai milimita 5 zuwa 6, suna jini, harshe kuma fari fat a baya.

An yi masa wankin haƙori da na'ura har ƙarƙashin dasashi, a zama biyu. Aka ba shi ruwan kuskure baki na kulohekzidin na mako biyu kacal, domin in aka daɗe a kansa yana rina haƙora. Aka koya masa kankare harshe da sakace da zare kowane dare, aka ce ya ajiye ruwa kusa yana kurɓa kaɗan-kaɗan, ya bar mintin, tunda sukarin da ke ciki abincin ƙwayoyin ne. Maganin hawan jininsa ba mu taɓa ba, mun ce ya gaya wa likitan da ya rubuta masa. Kada kowa ya daina irin wannan magani da kansa saboda bushewar baki. Ya dawo bayan mako shida, jinin ya tsaya, warin ya tafi. Sai dai ƙashin da cutar ta riga ta cinye a gindin turamen ba ya dawowa, dole ya riƙa zuwa wanki lokaci-lokaci.

Idan an gyara waɗannan uku warin bai tafi ba, sai a duba gaba. Ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci, wani na kusa da kai ya shinshina. In ta hanci warin ke fitowa, likitan kunne da hanci da maƙogwaro za ka gani. Yaro ƙarami da ƙofar hancinsa ɗaya ke wari tana zubar da majina, galibi wani abu ya cusa a ciki, kamar wake ko guntun soso. Ga mutanenmu na Idi-Araba da Sabon Ibadan, asibitocin koyarwa da ke garuruwan nan biyu duk suna da sashen haƙori. Ka ce musu a auna maka dasashi, ba a duba rami a haƙori kawai ba.