Aiki ya tsaya: me za a rubuta cikin CV, me za a faɗa ranar ganawa?

Tun da kamfanin Cominak na Akokan ya rufe a watan Maris 2021, kuma ga foroje-foroje da ke ƙarewa a jihohinmu, tambaya guda ta yi ta dawowa gidan rediyonmu: wanda aiki ya tsaya masa, yaya zai bayyana haka ga sabon mai ɗaukar aiki? Abin da muke cewa shi ne, takarda ta ɗauki ranaku da ayyuka, baki kuma ya faɗi dalili a taƙaice, amma kada su saɓa wa juna.

A fara da takardar shaidar aiki

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar shaida idan kwantiragi ya ƙare, ko da korarsa aka yi. Abin da ake rubutawa ciki shi ne ranar shiga, ranar fita da irin ayyukan da mutum ya riƙe. Dalilin rabuwa ba ya cikinta. Ku karɓe ta tun biro bai rufe ba, don in kamfani ya watse, samun mai sa hannu sai an sha yawo. In an hana ku, ku kai kuka ga sufeton ƙwadago na jiharku. Ku nemi kuma lambar wani tsohon shugabanku da ya yarda a kira shi.

Cikin CV

Mu ɗauki misali. A ce magazinye ne na wani foroje a Maradi, ya yi aiki daga Afrilu 2020 zuwa Yuni 2023, kuɗin foroje suka ƙare, aka sallami kowa. Zai rubuta watanni da shekaru daidai yadda suke cikin takardar shaida, sannan aikin da ya yi: riƙon magaza biyu, lissafin shigar kaya da fitarsu, rahoton ƙarshen wata. A ƙarshen layin sai ya ƙara "fin de projet". In kamfani ne ya rufe, "fermeture de la société". Wannan ɗan guntun bayani yana hana mai karantawa zargin ko laifi ya yi.

In kuwa kora ce saboda kuskure, ba a rubuta dalili cikin CV. Ranaku da ayyuka sun isa, sauran sai an haɗu ido da ido.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jan ranar fita don a rufe giɓi. Mutum ya bar aiki a Yuni, ya rubuta Disamba. Da an aza CV kusa da takardar shaida, asiri ya tonu, daga nan duk abin da ya faɗa ya zama abin shakka. In kun yi noman damina ko ƴar kasuwa a tsakani, ku rubuta shi da watanninsa. Aiki ne, ba abin kunya ba.

Ranar ganawa

Za a tambaya: "Mi ya sa ka bar can?" Ku shirya amsar tun daga gida, kada ta wuce jimla uku: abin da ya faru, abin da kuka yi bayan nan, da abin da kuka zo da shi. Magazinyen namu zai ce: "Ranka ya daɗe, foroje ya ƙare a Yuni 2023, aka sallame mu duka. Na koma gona na yi damina guda. Shekara uku na riƙe magaza, kuma ga lambar shugabana in kuna son jin ta bakinsa." Sai ya yi shiru, ya jira tambaya ta gaba.

Ta kora ta fi nauyi. A ce direba ne aka kora don ya ɗauki fasinja cikin motar sarwis. Kada ya ce kwantiragi ne ya ƙare, domin garuruwanmu kowa ya san kowa, kiran waya guda ya isa. Gara ya ce: "An sallame ni don na ɗauki mutum cikin motar aiki, dokar wurin kuwa ta hana. Laifina ne, na gane, kuma ba na ƙarawa." Wani mai ɗaukar aiki zai ƙi shi duk da haka, amma wanda ya ɗauke shi ya san da wa yake tafiya.

Kada ku zagi tsohon maigida ko da ya cuce ku, don mai sauraro zai ga gobe shi za ku zaga. In maganarku tana gaban sufeton ƙwadago ko kotu, ku ce akwai saɓani ana dubawa, ku tsaya nan.

Ƴan uwa da ke waje, in kuna tsara wa na gida CV ta waya, ku sa ya fara aiko muku hoton takardar shaidarsa, ku kwafi ranakun daga can.